Farantin gashi da rangwamen rana: a yi lissafi kafin a saki sanarwa

Kawu, ina da gidan abinci a bakin titi. Mun ƙaro farantin gasasshen nama da gurasa a kan naira 6,000, ina so in rage kashi 30 cikin ɗari ga masu cin rana. Ga abin da zan sa a ƙarƙashin hoto: "Garaɓasa! Garaɓasa! Ku garzayo ku kwashi nama a banza, na ɗan lokaci ne!" Tsoka 7,000 nake sayen kilo. Ya yi ko in gyara? Gabana faɗuwa yake, domin kuɗin adashina na zuba a ciki.
*Wata mai gidan abinci, Ringim*

Hajiya, kwantar da hankalinki. Kin yi dabara da kika tambaya tun rubutun yana cikin wayarki, domin da zarar ya fita ya zama alkawari, kuma a gari irin namu wanda kika yi wa alkawarin ya san ƙofar gidanki. Ajiye rubutun tukuna, ɗauko biro da takarda.

Mu ce faranti ɗaya yana cin ɗanyar tsoka giram 400. A farashin da kika faɗa, naira 2,800 ke nan. Sauran kuɗin zan ƙiyasta, ke kuma ki maye gurbinsu da naki na gaskiya. Gurasa biyu 300. Yaji da man gyaɗa da albasa da tumatir da kabeji 500. Gawayi 200. Takarda da leda da robar zubawa 200. Ladan mai gashi da yarinyar da ke miƙa abinci, idan aka raba shi kan farantan yini, 400. Duka ya tashi 4,400. Idan kin sayar 6,000, abin da ya rage miki 1,600 ne, kuma a cikinsa za ki fitar da hayar shago da kuɗin ruwa da man janareta. To kashi 30 cikin ɗari na 6,000 naira 1,800 ne. Farantin ya dawo 4,200, wato ƙasa da abin da kika kashe. Duk wanda ya shigo ya ci, kin bi shi da naira 200 daga aljihunki. Faranti ashirin a yini asarar 4,000 ce, kwana goma 40,000. Abin da ya fi ciwo shi ne, gwargwadon yadda tallar ta karɓu, gwargwadon yadda adashin zai narke. Za ki ga shago ya cika, ki yi ta hamdala, sai ranar biyan mahauci ki rasa inda kuɗin suka shiga.

Akwai kuma abu biyu da ke cin masu sabon shiga ba su sani ba. Kilon da aka auna miki a wajen mahauci ba duka yake hawa wuta ba, sai an cire jijiya da tantani da ɗan ƙashin da ya maƙale. Sannan wuta tana shanye ruwan nama da kitsensa, har ya rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, wani lokaci ya kusa ɗaya cikin uku idan an gasa shi sosai. Giram 400 ɗin nan zai sauko daga wuta wajen 300 ko ƙasa da haka. Ki sa sikeli ki auna sau uku: da aka kawo, da aka gyara, da aka sauke. Kada ki yarda da "ai na san hannuna" daga bakin mai gashi. Hannu yana sakewa idan aboki ya zo, yana matsewa idan nama ya kusa ƙarewa, mutum biyu su biya kuɗi ɗaya su samu faranti iri biyu.

Ni da za ki ji tawa, ragin naira 500 ya isa, ki sayar 5,500. Zai bar miki 1,100 a kowane faranti. Idan a farashin asali kina iya sayar da goma a yini ki samu 16,000, to da wannan ragin sai kin sayar da goma sha biyar kafin ki kamo wancan. Idan kuwa kika sauko 5,000, saura 600 kacal, sai kin sayar da ashirin da bakwai. Ki dubi garinku da idon basira, mutum nawa ne za su fitar da dubu biyar a abincin rana ranar Talata? Ma'aikatan sakatariya ne, da na asibiti, da wasu malamai a farkon wata, da direbobi da fatake masu wucewa, kuma yawancinsu karo-karo za su yi, mutum biyu ko uku a faranti. Ba su kai yawan da zuciya take raya miki ba. Idan ma kina jin 500 ta yi kaɗan a ido, ki bar farashi yadda yake ki ɗora gyara: zoɓo mai sanyi kwalba biyu a kan kowane faranti. Zoɓon da kika haɗa da hannunki kuɗinsa bai kai abin da mai saye yake ganin ya samu ba, kuma mutanenmu sun saba da gyara, sun fi yarda da ita a kan lissafin kashi kaza cikin ɗari.

Yanzu rubutun. "A banza" ki goge ta, banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma duk mai hankali da ya ga nama a banza zai fara tambayar me ya samu dabbar. "Na ɗan lokaci" ba ta gaya wa kowa komai. Mutum zai zo bayan la'asar ya ce shi ma cin rana ya zo, wani ya zo bayan wata guda da hoton sanarwar a wayarsa, ki rasa bakin musu domin ba ki sa iyaka ba. Wanda ya karanta tallarki yana so ya san me ke cikin farantin, mutum nawa zai isa, nawa ne da, nawa ne yanzu, daga yaushe zuwa yaushe, kuma a ina. Ga yadda zan rubuta da ni ne:

"Sabon farantin gashi: balangun sa na yankan safe, gurasa biyu, yaji da albasa da kabeji. Yana isar mutum biyu. Kuɗinsa 6,000, amma daga Litinin 3 ga wata zuwa Alhamis 13 ga wata, 5,500 ne tsakanin ƙarfe 12 na rana da ƙarfe 3. Ban da Juma'a, Asabar da Lahadi. Faranti 15 muke yi kullum, idan ya ƙare sai gobe. Ga mai ci a nan da mai tafiya da shi duka ɗaya ne, kuɗin kai wa gida daban. Muna bakin titi, daura da tasha."

Sai ki ɗora sunan shago da lambar waya. Ki lura farashi da rana suna cikin layukan farko. A Facebook dogon rubutu yankewa yake, sai an taɓa "See more" ake ganin sauran, kuma da yawa ba sa taɓawa. A WhatsApp kuma sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, saboda haka kullum wajen ƙarfe goma na safe ki sake sa shi, lokacin da mutum bai riga ya aika yaro sayo shinkafa da wake ba. Sanarwar da aka sa ƙarfe ɗaya ta makara.

Na cire Juma'a da gangan. Daga ƙarfe ɗaya gari ya tafi masallaci, har da mai gashinki, kuma bayan an sauko mutane da yawa gida suke nufa. Kuma na kai shi ƙarfe 3 ne saboda mutanenmu sai sun yi azahar suke zama cin abinci. Wanda ya kwaikwayi na birni ya rufe rangwame ƙarfe 2 ya rufe shi daidai lokacin da masu ci suke fitowa daga sahu.

Adadin farantin nan da na sa, shi ne garkuwarki. Gashi a ƙasar nan abincin yamma ne, tukuba sai bayan la'asar take ɗaukar wuta. Ke kuma kina so ki jawo shi tsakar rana, wato dole nama ya iso daga mayanka da hantsi, a gyara, a hura gawayi tun wajen sha ɗaya. Ki zauna da mahaucinki ki ji ko zai iya kawo kilo shida ko bakwai kullum a wannan lokaci, a kan farashi ɗaya, har ranar da kika rubuta. Kuɗin dabba yana motsi da abin da aka tashi da shi a kara, a Maigatari ranar Alhamis ko a Wudil ranar Juma'a, balle idan Sallah ta matso. Shi ya sa ban ba ki wata guda ba. Sati biyu kina iya riƙe alkawari ko da nama ya ɗan hau.

Kawu, ni ke riƙe wa yayana shafin shagonsa. Ina ganin a rubuta tallar da Turanci ta fi aji, kuma na samo wani hoton nama mai kyau a intanet. In sa?
*Wani matashi, Gaya*

A'a, duka biyun. Wa kake sayar wa nama a Gaya da sai da Turanci zai gane? Ka rubuta da harshen da mai saye zai yi ciniki da shi idan ya zo gaban tebur. Hoton kuma, ɗana, wannan tambayar bai kamata a yi ta ba. Ka nuna wa mutum farantin wata ƙasa, ya zo ya tarar da wani abu daban, me sunan wannan in ba yaudara ba? Ka ɗauki farantin da yayanka zai miƙa wa mai saye, da yawan naman da zai zuba ba ƙari, ka fito da shi inuwar rumfa inda akwai hasken rana, ka goge gilashin kyamarar da gefen riga, ka ɗauka yana tururi. Ka sa kwalbar lemo ko hannun mutum a gefe domin a gane girman farantin. Kada ka cika shi ya yi tozo saboda hoto alhali na sayarwa shafe yake.

Kawu, na ga wata sanarwa wai farantin nama na 8,000 ya koma 4,000 daga sha biyu zuwa biyu. Surukaina za su zo duba maiɗakina da ta haihu, ina so in fita kunya, amma albashina na malamin firamare ne. In saya? Ina tsoron kada in kai musu abin da zai ɓata musu ciki.
*Wani malami, Ɗambatta*

Malam, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Tsoron nan naka yana kan hanya, kuma zan ɗan tsawaita a nan domin abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Rabin kuɗi a kan nama abu ne da lissafi ba ya ɗauka cikin sauƙi. Ka dubi abin da na yi wa Hajiya a sama, nama kaɗai ya kusa cinye rabin kuɗin faranti kafin a zo ga gawayi da gurasa. Mai shagon da ya zabge rabi, ɗayan huɗu ne. Ko dai sabon shiga ne yana asara da saninsa domin a san shi, wannan halal ne kuma rabonka ne, sai dai ba ya daɗewa. Ko kuma 8,000 ɗin ba a taɓa sayar da farantin a kanta ba, an ƙirƙiro ta ne a soke domin 4,000 ta yi kama da alheri. Ko an rage naman an cike gurbin da kabeji da albasa, an shimfiɗa gurasa a ƙasa ta ɗaga shi. Ko kuma, wanda ya fi damuna, kwantai ne. Naman da bai ƙare ba daren jiya, ya kwana a cikin kwali ko a firizar da ba ta ga wuta ba, da rana a shafa masa mai, a mayar kan wuta, a bulbula masa yaji, a kira shi rangwamen rana. Ban ce haka wannan shagon yake yi ba. Na ce rangwamen rana a kan gashi shi ne ƙofar da ta fi sauƙi ga mai son fitar da kwantai, domin tsakar rana ce take biye da daren da aka yi saura.

Mutane suna cewa ai wuta tana kashe komai. Ba haka ba ne. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma wasunsu idan sun samu sa'o'i a kan dafaffen nama suna barin dafi a jikinsa, kuma ɗumame ba ya karya wannan dafin. Shi ne za ka ga mutum ya ci nama da zafinsa, kafin magariba amai da gudawa sun kwantar da shi. Ƙa'idar da masana lafiyar abinci suke bayarwa ita ce dafaffen nama kada ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba. Idan zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya ce. Kai ka san yadda Ɗambatta take a watan Afrilu. Wannan ba abin wasa ba ne a gidan da ke da mai jego da tsofaffi.

Ga yadda za ka gane. Ka je da ƙafarka, kada ka yi oda ta waya a karon farko, kuma ka je da wuri, wajen sha biyu da rabi. Ka dubi wutar, akwai ɗanyen nama a gefe yana jiran hawa, ko kuwa komai an riga an yayyanka an tara a tire an rufe da takarda? Ka ce a yanka maka daga babban yanki a gabanka. Balangun yau idan wuƙa ta shiga yana fitar da ruwa da tururi, cikinsa da taushi, launin ciki ya fi na waje haske. Na jiya gefensa ya bushe ya yi tauri, launinsa ya yi duhu ciki da waje, wani lokaci bayansa da zafi tsakiyarsa da sanyi saboda sama-sama aka ɗumama shi. Ka karɓi ɗanɗano kafin a zuba yaji, ka sansana. Ɗan tsami-tsami ko yauƙi a jikin nama ya isa ka juya. Mai naman kirki ba ya jin haushin ɗanɗano, shi yake miƙo maka tun ba ka tambaya ba. Wanda ya yi saurin lulluɓe naman da yaji da mai kafin ka gani da kyau, ka yi hattara da shi. Ka kuma saci kallon wuƙa da katako, idan da su ake yanka ɗanye a juyo a yanka gasasshe ba wanki, to ko naman na yau ne akwai matsala.

Sannan ka tambaya kai tsaye, naman me ne, kuma yankan ina ne? A garuruwanmu wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, an san mahautan gari, an san wanda ya yanka sa da safe. Sanarwar da ta ce "nama" kawai ba ta ce na sa ko na rago ko na akuya ba, ta bar wa kanta ƙofa. Haka wadda ta ce "haɗaɗɗen faranti", sai ka zo ka tarar rabinsa tumbi ne da huhu da kitse. Kayan ciki ba laifi ba ne, akwai masu sonsu fiye da tsoka, amma kuɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma dole a faɗa.

Ga masu shagon da ke karanta wannan, da ku nake. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya sa hannu ciki ya ji danshi. Mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce masa me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma faɗa cewa wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Yajin da aka zuba domin a ɓoye naman jiya, da farashin ƙarya da aka soke da jan layi, da hoton da ba na shagonka ba, duk ɓoye jiƙaƙƙe ne a ƙasa. Dokar ƙasa ma, ta kare haƙƙin mai saye ta 2018, ta hana talla mai ɓatar da mutane game da kaya ko farashinsu. Amma tun kafin hukuma ta zo, gari zai yanke maka hukunci. Mutum ɗaya ya kwana yana zarya bayan gida saboda namanka, washegari an ji a majalisa, an ji a tasha, an ji a gidan suna. Idan nama ya yi saura kuma kana da sanyin da ka amince da shi, ka sa shi da wuri tun bai daɗe a waje ba, gobe ya shiga miya ko a yi dambu, a sayar da shi da sunansa. Idan ba ka da wuta tsayayya, ka rage abin da kake gasawa, ragowar dare ka karya kuɗinsa tun a daren ko ka raba wa yaran shago da almajirai yana da kyaunsa. Da ka yi asarar kilo ɗaya da ka kwantar da gida guda, wanne ya fi?

Mu dawo kanka, Malam. Idan ka je ka ga komai daidai, saya, ka sa a yanka a gabanka, a zuba yaji a gefe, kuma kada a naɗe maka shi kai tsaye a tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti. Ka daidaita sayen da isowar baƙin, kada ka karɓa sha biyu su kuma sai la'asar, ya yi ta gumi a leda. Idan kuwa zuciyarka ba ta kwanta ba, ka ɗauki 4,000 ɗin nan ka je wajen mahaucin da ka sani da safe, ka sayi ɗanye, a yi farfesu a gida. Ya fi auki, mai jego za ta sha romo, kuma babu surukin da zai raina farfesu mai zafi.

Kawu, rangwamenmu ya ƙare jiya amma mutane suna ta tambaya. In ƙara sati biyu in sake rubuta "dama ta ƙarshe"?
*Mai gidan abinci, Kazaure*

Idan ka ce ranar kaza zai ƙare, ya ƙare. Wanda ya yi sauri ya zo saboda ranar da ka sa zai ji ka yi masa wayo, kuma nan gaba ba wanda zai ƙara gaskata ranarka. Mafi muni, idan ragi ya daɗe shi yake zama farashi a zuciyar mutane, ranar da ka koma na asali sai a ce ka yi ƙari. Ka duba littafinka, a cikin masu tambayar nan nawa ne suka dawo suka saya a cikakken kuɗi? Idan da dama, farantin ya tsaya da ƙafarsa, ka bar shi. Idan babu ko ɗaya, to garin yana gaya maka kuɗin ya fi ƙarfinsa, sai ka fito da ƙaramin faranti na mutum ɗaya da farashinsa na dindindin, ka sanar da shi a matsayin ƙarami, ba ka rage nama a ɓoye ka bar sunan da ba. In kana son maimaita rangwame, ka bari a yi wata ɗaya ko biyu, ka ɗaura shi a kan wani dalili da kowa ya gani, kamar ranar kasuwar garinku.

Kawu, abokaina sun ce mu je mu ci kafin rangwamen ya wuce. Ba ni da kuɗi yanzu, amma mai POS ɗin unguwarmu zai ranta min 5,000 zuwa ƙarshen wata. Ai asara ce a bari ya wuce ko?
*Wani ɗalibi, Gumel*

Wace asara? Mu ce naira 500 aka rage, kai kuma za ka ci bashin 5,000 domin ka same ta. Wanda bai saya ba bai rasa ko kwabo ba. Idan kuna son ci, ku huɗu ku haɗa abin da ke aljihunku ku ɗauki faranti ɗaya, a ƙaro gurasa. Idan babu, tsire tsinke biyu da yamma bai gagare ka ba. Kada in sake jin an ci bashi saboda gashi.

Kawu, na sa sanarwa jiya, sai yau mahaucina ya ce nama ya hau, ba zai iya ba ni a kuɗin da ba. Saura kwana shida. In goge sanarwar in yi shiru? Wallahi ban yi barci ba.
*Wata uwar marayu mai sayar da abinci, Birnin Kudu*

'Yata, Allah ya dafa miki. Kada ki goge ki yi shiru, wasu sun riga sun ɗauki hotonta, kuma kada ki rage naman a ɓoye. Ki fara da lissafi, nawa ya hau? Idan kilo ya ƙaru da 500 kuma farantinki giram 400 yake ci, naira 200 ce ta ƙaru a kowane faranti. Faranti goma a yini na kwana shida, 12,000 ke nan. Idan har yanzu farashin rangwamen yana sama da abin da kike kashewa, ki daure ki cika alkawarin, riba ce ta ragu, uwar kuɗi tana nan. Idan kuwa ya faɗa ƙasa, ki sa sabuwar sanarwa yau da safe, a wurin da kika sa ta farko, ki faɗi gaskiya a taƙaice: kuɗin nama ya tashi, rangwame yana nan har ranar da aka faɗa, amma faranti shida za a riƙa yi kullum, wanda ya riga zuwa shi ke da shi. Duk wanda ya riga ya biya ko ya yi oda kafin sanarwar, ki ba shi a yadda kuka yi. Sannan ki je wajen mahaucin da kanki, ba ta waya ba, ki nemi ya riƙe miki tsohon farashi na kwana shidan a kan za ki riƙa biyansa hannu da hannu kullum da safe. Mahauci yana son kuɗi a hannu fiye da bashin da sai dare, da yawa za su sassauta. In ya ƙi, ki tambayi wani mahaucin kafin ki sa sabuwar sanarwar.